Kafin a Ɗora Tukunyar Suna, a San Kuɗin Faranti Ɗaya

'Ya'yana, mazanku da matanku, duk wanda haihuwar fari ta zo wa yakan fara shirin suna da tambayar me za a dafa. Na daɗe ina tsayawa a kan tukwanen sunan danginmu a Kano, kuma abin da na gani shi ne wannan tambaya ba ita ce ta farko ba. Akwai biyu a gabanta: faranti nawa za a fitar, kuma nawa ne rabon kowane faranti a cikin kuɗin da ke hannu. Idan kun amsa waɗannan, abincin da ya dace zai bayyana da kansa. Idan kuka tsallake su, za ku zaɓi abinci da ido, ku biya da bashi.

Zan ba ku labarin sunan da ɗan yayana ya yi, domin da ni aka yi lissafinsa daga farko har ƙarshe, kuma takardar tana nan a ajiye. Farashin da za ku gani na makon da muka shiga kasuwa ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya ba su zauna wuri ɗaya ba, don haka ku ɗauki hanyar lissafin, farashi kuwa ku tambayo shi sabo.

Ya zo mini ana saura wata biyu matarsa ta sauka. Ya ce, "Gwaggo, naira dubu 600 na tara, kuma ba ni da inda zan ƙaro. Mutum kamar 200 za su zo." Abin da na fara tambayarsa shi ne ko kuɗin asibiti na cikin wannan. Ya ce a'a, ya ware su daban. Na ji daɗin haka ƙwarai. Haihuwa kan zo da abin da ba a shirya ba, wani lokaci har da tiyata ko ƙarin jini, kuma ba na so in ga kuɗin da zai ceci rai an riga an mai da shi shinkafa.

Muka fara cire abin da ba na tukunya ba. Ragon suna dubu 130. Goro da dabino da alewar da za a raba wa maza da safe wajen raɗin suna, dubu 30. Hayar rumfa da kujeru da manyan tukwane, dubu 40. Dubu 200 sun tafi ke nan, saura 400. A cikinsu na ce a ɗauke kashi ɗaya cikin goma, wato dubu 40, a ba ni in ɓoye don ko-ta-kwana. Sannan muka ware dubu 45 na cin gida. Wannan shi ne ramin da matasa ba sa gani. Daga ranar da aka haihu gida ba ya rabuwa da 'yan barka, 'yan'uwa na ƙauye sukan iso ana jibi suna, wasu sai sun ƙara kwana biyu bayansa, kuma duk sai sun karya, sun ci na rana, sun ci na dare. In ba a ware musu nasu ba, daga buhun suna za a riƙa ɗiba kwano-kwano, ranar taro a tarar ya yi rabi. Abin da ya rage wa tukunyar ranar suna dai dubu 315 ne.

Sai ya ce, "To ai ga rago, ba sai mun sayi nama da yawa ba." A nan na dakatar da shi, kuma ku ma ina so ku ji da kyau. Ragon suna ibada ne da hakkin mutane, ba naman taro ba ne. Matsakaicin rago in an feɗe shi an cire fata da kai da kayan ciki, abin da zai rage da ƙashinsa bai cika wuce kilo 12 zuwa 15 ba. A gidaje da yawa ma ba a taɓa shi ranar suna, sai washegari a soya a raba. Ungozoma na da rabonta, wanzami na da nasa, ga dangin uwa, ga dangin uba, ga maƙwabta da mabuƙata, ga mai jego da ya kamata a bar mata abin da za ta daɗe tana ci. Kowane gida da yadda yake rabonsa, amma ban taɓa ganin gidan da rago ɗaya ya biya waɗannan hakkoki kuma ya ciyar da ɗaruruwan baƙi ba. Ku cire shi daga lissafin faranti gaba ɗaya.

Daga nan muka koma kan mutum 200 ɗin nan nasa. Na ce ya kira matarsa da mahaifiyarta da tasa mahaifiyar, kowa ta faɗi waɗanda take sa ran zuwansu yinin suna, gida-gida. Matan dangin mai jego suka kai 90, na danginmu 70, maƙwabta da ƙawaye da 'yan Islamiyyarta 60. Mata 220 ke nan, tun ba a je ko'ina ba. Mace kuma ba ta cika zuwa suna ita kaɗai ba. Muka ƙiyasta yara wajen 100, muka lissafa yara biyu a faranti ɗaya, ya ba mu 50. Abokan mai gida da za su dawo cin abincin rana, 40. Masu girki da masu rabo da masu kafa rumfa da almajiran unguwa, 30. Sannan gidajen da dole a aika wa abinci, na surukai da dattawan da ba sa fita da maƙwabtan kusa, suka kai 20. Ba a aika wa gida faranti ɗaya, kula ake cikawa, kuma kular da ba za ta ba da kunya ba tana cin faranti huɗu. Wannan kaɗai 80 ne. Da muka tara, faranti 420 muka samu.

Yaron ya yi shiru yana kallon takardar. Ba ƙarya ya yi ba da ya ce 200, mutanen da ya sani ya ƙirga. Tukunya kuwa tana ciyar da wanda ka gayyata, da wanda ya rako shi, da wanda bai zo ba amma yana jiran kula a gida.

Raba dubu 315 gida 420, naira 750 za ka samu. Wannan shi ne kuɗin faranti ɗaya, kuma a cikinsa shinkafa take, da nama, da mai, da itace, da abin sha, da mazubi, da ladan mai girki. Da wannan adadi a hannu muka saurari abin da mai ciki take so. Ta ce tana son shinkafa kala biyu, da kaza, da haɗin kabeji mai kirim, da lemon kwalba. Ban ga laifinta ba, abin da ta gani a sunan ƙawayenta ke nan, kuma haihuwar fari ce. Ban ce mata a'a ba. Na ce mu auna kazar kawai. Kazar gidan gona mai kyau a makon nan dubu 8 ce, in an yanka ta gida goma kowane yanki ya tashi a 800. Yankin kazar shi kaɗai ya fi kuɗin farantin duka. Ita da kanta ta ce a bar kaza. Na fi son haka a kan in yi mata dogon wa'azi, domin abin da mutum ya gani da idonsa a takarda ba ya riƙe shi a zuci a kan cewa an hana shi.

Muka tsaya a kan abinci ɗaya ga kowa: dafa-dukan shinkafa da yankan naman sa, da zoɓo, da ruwan leda. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan abinci ɗaya shi ne, in ka ajiye kala biyu ka ce kowa ya zaɓa, ba a zaɓa, duka biyun ake karɓa, ko a ci ɗaya a ƙulle ɗaya. Wanda ya dafa faranti 200 na wannan da 200 na wancan yana zaton ya tanadi na mutum 400, alhali na mutum 200 da 'yan kai ya tanada. Dafa-duka kuma ta fi shinkafa da miya sauƙin riƙewa a taro. Tukunya ɗaya ce, mazubi ɗaya, kuma ba ta shan tumatir da mai kamar miyar da za a zuba a kan farar shinkafa, wadda hannun mai zubawa ke iya ƙarar da ita tun shinkafa na rabi. Tuwo ya fi araha in ana maganar hatsi, sai dai tuƙa na mutum 400 da malmala shi yana son hannaye da yawa, ga miya da za ta buƙaci nata naman. Wanda yake da mata masu ƙarfi a gida da yawa yana iya bin wannan hanya. Mu ba mu da su.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ku kada ku tsallake: gwaji. Kada ku dogara da abin da aka ce buhu yana ciyarwa, domin shinkafa ba ɗaya ba ce. Tsohuwa ta fi sabuwa auki, kuma kwanon awo na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, mudun wani gari ma daban yake. Mun sayo kwano ɗaya daga irin da muke son saye, mai gumi wadda ba ta caɓewa, ba ta tuwo ba. Muka dafa ta ranar wata Juma'a a matsayin abincin gida, muka ɗauki ƙaramin kwanon da za a yi rabo da shi ranar suna, muka riƙa cikawa muna juyewa muna ƙirgawa. Ta ba mu 17. Kwanon awon ya kai kilo biyu da rabi, wato kowane faranti ya ci ɗanyar shinkafa wajen giram 150, kuma cikar faranti ce da babba zai ci ya ƙoshi. Buhu mai kilo 50 yana ba da kwano wajen 20, ke nan faranti 340. Namu 420 yana son kwano 25, buhu ɗaya da rubu'i. Gwajin nan ya kuma nuna mana tana da 'yar tsakuwa, sai muka san dole a zauna a tsince a rege tun kafin ranar, ba da asubar suna ba.

Ga yadda lissafin farko ya fito. Shinkafa dubu 90. Naman sa tsoka, in kilo ɗaya ya ba da yanka 25, muna son kilo 17, a dubu 6 kowane kilo, dubu 102. Man gyaɗa lita 12, dubu 33. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da kayan ɗanɗano, dubu 35. Itace da ruwan girki 15, ruwan leda jaka 25 mai ɗauri 20-20 dubu 10, zoɓo da sukarinsa da citta da kanumfari da ƙanƙara 15, ladan mata biyu masu girkin taro 20, robobi masu murfi na kowa da kowa 30. Jimla dubu 350. Mun haura da dubu 35.

A irin wannan wuri ne ake gane wanda ya iya. Mai gaggawa zai ce a taɓa ajiyar ko-ta-kwana, ai kusan daidai take da giɓin. Na ƙi. Ajiyar ta abin da ba a gani ba ce, wannan kuwa ga shi muna gani a takarda. Wani zai ce a rage shinkafa, shi ma kuskure ne, domin ita ce mafi arha a cikin abin da ke cika ciki, kuma ƙarewarta ce abin kunyar da ake tunawa. Wurin da ake nema shi ne inda kuɗi ke tafiya ba tare da ya shiga cikin kowa ba. Roba ce ta farko. Dubu 30 a kan abin da za a zubar a kwata da yamma. Muka ce mata za su ci a manyan tire, huɗu-huɗu, kamar yadda iyayenmu suke yi, tire kuwa aro za a yi a dangi. Gidajen da za a aika wa, da kulolin gida za a kai a juye a dawo da su. Roba 100 kawai muka saya, na maza da waɗanda za su tafi da wuri, dubu 7. Mun tsira da dubu 23. Roba tana da wata illa ma: abin da aka rufe da murfi yana da sauƙin shiga jaka, sai mutum ya karɓi na biyu. Abin da ke kan tire a nan ake cinye shi.

Saura dubu 12, muka nemo su a wurin nama. Na je wurin mahauci da kaina na ce kilo 15 nake so, kuma kowane kilo ya fitar mini yanka 28. Ya yanka kilo na farko a gabana, muka ƙirga, na ɗauki yanka ɗaya na ajiye masa a gefe ya zama abin koyi. 15 sau 28, 420 cif. Bambancin yanka mai giram 40 da mai 36 ba wanda zai lura da shi a faranti, amma ƙasa da haka kada ku sauka, domin nama yana raguwa wajen kashi ɗaya cikin uku in an tafasa an soya, yankan da ya yi kyau a ɗanye yana iya komawa kamar ƙwallon dabino. Kuma ku ce tsoka kuke so. Kilon da aka cika da ƙashi da kitse da jijiya arharsa ta baki ce.

Mahaifiyar mai jego ta ce ita ba za a yi sunan jikanta na fari babu waina ba. Gaskiyarta, kuma a nan gudummawa ta yi amfani. Dangi sukan tambaya me za su kawo, matasa kuma kunya ta sa su ce "duk abin da ya sawwaƙa", sai a tashi da katan biyar na sabulu babu ko lita ɗaya ta mai. Ku faɗi abin da kuke buƙata da sunansa da yawansa, wanda ya tambaya da zuciya ɗaya ya fi son haka. Muka ce mata ta ɗauki waina da miyar taushe a matsayin gudummawarta, amma ta dattawa kawai. Kwano 3 na shinkafar tuwo, a tandarta kowane kwano yana ba da waina wajen 90, uku-uku ta ishi mutum 90. A gidanta aka jiƙa, aka niƙa, ƙullin ya kwana ya tashi, aka soya da safe aka kawo a kula. Ban cire mutum 90 ɗin nan daga lissafin dafa-duka ba. Na bar su a ciki, suka zama rarar da za ta tare baƙin da ba mu ƙirga ba. Abinci na biyu ba ya ɓata lissafi in an san waɗanda aka yi wa shi kuma a ɗakinsu aka kai.

Maganar lokacin saye gajeriya ce. Tsakanin haihuwa da suna mako ɗaya ne, ranar da ta zagayo, kuma mai saye cikin gaggawa ba ya ciniki. Abin da ba ya lalacewa, shinkafa da mai da sukari da busasshen zoɓo da itace, a saye su tun ciki na wata bakwai ko takwas, a sari a Dawanau ko Singa in akwai hali, a kulle a ɗakin da ba na girkin yau da kullum ba. Kayan gwari sai ana jibi ko ana gobe, a 'Yan Kaba da sassafe. Ku duba kuma wane lokaci haihuwar za ta faɗo. Da sanyi zuwa farkon bazara tumatirin rani na su Kadawa da Kura yana cika kasuwa, da damina kuwa yakan yi tsada, sai a jingina da tattasai da albasa da busasshen tumatir da na gwangwani. Rago ma in sunan zai zo dab da Babbar Sallah, gara a saye shi da wuri a ɗaure a gida.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, domin a kansa na taɓa yin asarar da har yau nake jin zafinta. Shekarun baya, a wani sunan da aka damƙa mini, cikin zafin watan Afrilu, na so in huta da wuri. Muka dafa shinkafar duka da asuba, muka zuba ta da zafinta a robobi, muka rufe, muka jera su a ɗaki ɗaya kan ɗaya. Mata ba su cika gida ba sai bayan azahar. Wajen la'asar wata 'yar'uwata ta buɗe roba ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Murfin ya yi gumi, ruwa ya kwanta a ƙasa, ƙanshin ya juya zuwa tsami-tsami, da na murza ƙwayar a yatsa sai ta yi yauƙi. Fiye da roba 100 muka zubar, ga baƙi zaune. Kuɗin mutane ne da aka ba ni amana, kuma da an ci, da abin ya fi haka muni.

Dalilin abin shi ne, ɗanyar shinkafa tana ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta da dahuwa ba ta kashe irinsu. Muddin abinci na da zafi sosai, sama da digiri 60, ba sa motsi. Da ya sauko ya zama ɗumi-ɗumi sai su farka su yi ta yaɗuwa, su bar dafi mai sa amai da gudawa, kuma sake ɗumama abincin ba ya kashe wannan dafi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Abin tsoron shi ne wani lokaci shinkafar kan zama haɗari tun ba ta fara wari ba, don haka hanci kaɗai bai isa mai gadi ba, agogo ake dubawa. Roba mai murfi ba ta riƙe zafi, tana riƙe ɗumi da laima ne kawai. Babbar kula mai kauri wadda aka cika ta taf da abinci daga wuta aka rufe, ita ce ke riƙe zafi na wasu awoyi, in ba a yi ta buɗe ta ba. Wannan dalili ne ma ya sa na ji daɗin barin haɗin kabeji mai kirim, kuma na zaɓi zoɓo a kan kunun aya. Kunun aya in ba sanyi mai ƙarfi, kafin yamma ya yi tsami. Zoɓon da aka tafasa da citta da kanumfari ya fi shi jure yini.

Don haka a sunan ɗan yayana sau uku muka ɗora. Ana gobe da yamma aka niƙa kayan miya, aka tafasa su nan take har ruwan ya tsotse, aka soya da mai. Niƙaƙƙen tumatir ɗanye ba ya kwana, da safe za ka tarar yana kumfa. Nama da asuba mahauci ya kawo shi, aka tafasa aka soya, romon ya shiga tukunyar shinkafa kai tsaye. Tukunyar farko, kwano 10, ta sauka wajen sha biyu. Daga cikinta aka fara ɗebe na mai jego da na masu kwana da ita, domin sau da yawa ita ce ake mantawa a ranar da aka taru dominta, alhali tana shayarwa. Sai kulolin gidaje 20 suka fita bisa jerin da ke rubuce, yaro na tafiya ana soke sunan gida, sannan maza da masu aiki. Tukunya ta biyu, ita ma kwano 10, ta sauka wajen biyu da rabi, lokacin da mata suka fara cika rumfa. Kwano 5 na ƙarshe an tsince an rege tun jiya an shanya, suna nan a bushe, ga soyayyen kayan miya a gefe, ga ruwa a kan wuta. Ɗanyar shinkafa in ba a buƙace ta ba abincin gida ce na mako mai zuwa, dafaffiya kuwa in ta yi saura sai dai a rabar kafin dare.

Duk wannan lissafi yana iya rushewa a bakin tukunya in hannaye suka yi yawa. Mutum ɗaya ke zuba shinkafa, da kwanon nan da muka yi gwaji da shi, huɗu a kowane tire. Nama a wurina yake, a ɗaki, an ƙirga shi ɗari-ɗari a bokitai huɗu da ɗan saura. Ba na fitar da bokiti na biyu sai na farko ya ƙare, kuma ta haka nake sanin faranti nawa suka fita ba tare da na leƙa rumfa ba. Wannan aiki yana son babbar mace wadda za ta iya ce wa ƙanwar miji ko yayar mai jego "ki yi haƙuri" cikin fara'a kuma a ji. Kada ku ɗora shi a kan yarinya, ba za ta iya hana gwaggonta ba, kuma bai kamata a sa ta a wannan matsayi ba.

Da ƙarfe uku da rabi na duba, bokiti uku sun ƙare, na huɗu ya fara sauka, ga mata na ta sallama. Motar 'yan'uwan mai jego daga Gaya ta zo da mutanen da suka fi waɗanda aka faɗa mana. Na ce a zuba kwano biyar ɗin nan. Kafin a idar da sallar la'asar a zauna, ta nuna. Ruwan leda ne ya gaza, saboda zafi ya sa kowa shan biyu da uku, na ciro daga ajiya aka ƙaro jaka 15 da ƙanƙara, aka sayo kilo ɗaya da rabi na nama aka soya da sauri don tiren ƙarshe. Dubu 18 ke nan suka fita daga cikin 40. Bayan magariba abin da ya rage a tukunya bai fi faranti goma ba, aka juye wa almajirai da zafinsa.

Washegari da hantsi aka soya rago, aka jera kwanukan rabo a tsakar gida, kowane da sunan gidan da za a kai. Na kira ɗan yayana gefe na ba shi dubu 22 da suka rage. Ya ce, "Gwaggo, ki riƙe, ai ke kika sha wahala." Na ce masa akwai sauran kwana talatin da biyu na wankan jego a gabansa, ya je ya sayo itace, da gero da kanwa na kununta.